Taura Biyu a Jimla Ɗaya: Yadda Ake Kama *More Better* Kafin Takarda Ta Bar Hannu

Akwai wani kuskuren Turanci da bai ƙyale ɗan sakandare ba, bai kuma ƙyale mai digiri ba. Ana jin sa a taron ƙungiya, ana ganin sa a allon tallar shago, yana kuma shiga takardar neman aiki wadda mai ita ya kwana yana gyara. Shi ne a ce *more better*, ko *more cheaper*, ko *most easiest*. Abin lura shi ne, mai yin wannan kuskure yawanci ya san ƙa'ida. Ƙa'idoji biyu ma ya sani, kowacce daidai take, sai dai ya haɗa su a kan kalma ɗaya. Hausawa kuwa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Kafin a iya kama shi a rubutu, sai an gane ta inda yake shigowa, kuma ga mai jin Hausa ƙofar a fili take. Mu idan za mu fifita abu a kan abu, aikatau ɗaya ne ke ɗauke da nauyin duka, wato "fi". Audu ya fi Musa tsawo. Masara ta fi shinkafa araha. Wannan hanya ta fi sauƙi. Idan kuma fifikon a kan kowa ne, sai mu ce ya fi kowa tsawo, ko shi ne mafi tsawo. Dubi kalmomin tsawo da araha da sauƙi a cikin waɗannan jimloli: ko harafi ɗaya bai canza a jikinsu ba. Suna zaune yadda suke, "fi" ce ke yi musu aiki daga waje.

Turanci hanya biyu gare shi. Ta farko ita ce a taɓa jikin sifar, a liƙa mata *-er* a ƙarshe idan abu biyu ake gwadawa, ko *-est* idan ɗaya ake fifitawa a kan sauran duka. *Tall* ta koma *taller* da *tallest*, *cheap* ta koma *cheaper* da *cheapest*. Ta biyu ita ce a bar sifar yadda take, a sa mata *more* ko *most* a gaba, kamar *more expensive* da *most expensive*. Wannan hanya ta biyu ita ce ta yi kama da tamu, shi ya sa take saurin zama a kan ɗalibi. Da zarar ya riƙe cewa "fi" ita ce *more*, "mafi" kuma *most*, hannunsa zai riƙa kai su duk inda zuciyarsa ta ce "ya fi", ko da kalmar da ke biye ta riga ta ɗauko nata fifikon a jikinta. Wanda ya rubuta *more cheaper* kamar ya ce ne masara ta fi fin shinkafa araha.

Wace sifa ke bin wace hanya? Tsawon kalma ne ke rabawa, kuma da kunne ake aunawa, ta ƙirga gaɓoɓin furuci. Sifa mai gaɓa ɗaya, irin su *big* da *fast* da *old*, kusan kullum *-er* da *-est* take ɗauka. Mai gaɓa uku ko fiye, irin su *important* da *difficult*, sai *more* da *most*. Masu gaɓa biyu ne ke da ɗan rikici. Waɗanda suka ƙare da harafin *y* suna bin gajeru, harafin ya juye zuwa *i*, shi ya ba mu *easier* da *easiest*, *heavier* da *heaviest*. Wasu kuma, kamar *careful* da *famous*, ba sa karɓar komai sai *more* da *most*. Akwai 'yan kaɗan a tsakiya, irin su *clever* da *simple* da *polite*, waɗanda ko ta wace hanya ka bi da su ka yi daidai. Za ka iya cewa *cleverer*, za ka iya cewa *more clever*. Abin da ba ya yiwuwa shi ne *more cleverer*.

Amma kuskuren ya fi yin sheƙa a kan wasu kalmomi huɗu da ba su bi ko ɗaya daga hanyoyin nan ba. *Good* ba ta zama *gooder*, sai ta rikiɗe gaba ɗaya ta koma *better* da *best*. *Bad* ta koma *worse* da *worst*. Da yake ba su yi kama da uwayensu ba, ido ba ya saurin gane cewa fifiko na cikinsu, musamman *worse*, wadda ko *-er* ɗin ma ba ta da shi. A Nijeriya akwai ƙarin dalili. A Turancin Buroka da ake ji a kasuwa da tasha, kalmar *better* tana zuwa da ma'anar "mai kyau" kawai, ba tare da an gwada abin da wani ba. Ana iya kiran miya ko mutum da ita don yabo. Fifiko kuwa da *pass* ake yin sa a can, wadda take aiki kamar "fi" ɗinmu. Wanda kunnensa ya saba da wannan zai ji *better* kamar sifa ce zalla da ke jiran a ɗora mata *more*. Ba mu kaɗai ba ne kuma. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci sun san malamai na jan kunne a kan *plus meilleur*, wanda shi ne wannan kuskuren sak a wancan harshe. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ma ya san cewa ahsanu da akbaru sun riga sun ƙunshi fifiko, ba a ƙara musu wata kalmar fifiko a gaba.

Akwai abin da nake ganin masu gyara suna yawan tsallakewa, kuma shi ya sa gyaran ba ya zama. Mai cewa *more better* sau da yawa yana da wata manufa ta gaskiya. So yake ya ce abin ya fi kyau nesa ba kusa ba. *Better* ita kaɗai ta yi masa ƙaranci, yana neman abin da zai ƙara mata ƙarfi. Idan malami ya soke *more* da jan biro ya wuce, ya cire kuskuren amma ya bar ɗalibin da buƙatarsa, gobe kuma zai maimaita. Turanci yana da kalmomin wannan aiki. Ana cewa *much better*, ko *far better*, ko *a lot better*. Idan ana nufin abu na farko ma yana da kyau amma na biyu ya ɗara shi, sai a ce *even better*. A ɓangaren fifiko a kan kowa, ana cewa *by far the easiest*, ko *the very best*. Saboda haka duk inda aka kama *more* a inda bai dace ba, a tambayi marubucin ko ƙarfafawa yake nufi. In haka ne, *much* ko *far* ce za ta maye gurbin.

Bari mu bi takarda guda daga farko zuwa ƙarshe. A ce ƙungiyar manoman rani ce ke rubuta wa wata hukuma tana neman tallafin injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, sakatare ya rubuto sakin layi mai jimla bakwai:

*The solar pump is more cheaper to run than the petrol pump. It is the most easiest machine to maintain. With it, members draw more water in a day. Our harvest last season was much more better. The road to the farms becomes more worse in August. Our treasurer is the most honest man in the village. We need more bigger pipes.*

Matakin farko shi ne a daina karatu don ma'ana. Mai karanta rubutunsa ya riga ya san abin da yake nufi, idonsa na gudu a kan kalmomi. Sai a ɗauki fensir a zagaye duk *more* da *most*, haka ma *less* da *least*, domin su ma suna faɗawa cikin wannan rami, kamar *less easier*. A wannan sakin layi kowace jimla tana da guda. Daga nan a sa yatsa a kan kalmar da ke biye da kowacce, a yi mata tambaya ɗaya: idan na rufe *more* ɗin, ko ke kaɗai kina cewa "ya fi"?

A jimla ta farko, kalmar da ke biye ita ce *cheaper*. Cire *-er*, sai ga *cheap*, kalma mai zaman kanta da ke nufin araha. Ke nan *cheaper* ta riga ta ce "ya fi araha". *More* ba ta da aiki, a soke ta, jimlar ta koma *The solar pump is cheaper to run*. Kada a yi gyaran ta ɗaya gefen, wato a bar *more* a cire *-er*, domin *cheap* gaɓa ɗaya ce, kuma *cheaper* ce siffar da aka saba. A jimla ta biyu haka lamarin yake. *Easiest* daga *easy* ta fito, saboda haka *the easiest machine* ya wadatar. In sakatare na son ya nuna ba ta da na biyu wajen sauƙin kulawa, ya rubuta *by far the easiest machine*. A lura cewa *the* tana nan, ba a soke ta tare da *most* ba.

Jimla ta uku ita ce tarkon farko ga mai gaggawa. *Water* ta ƙare da *-er*, ga kuma *more* a gabanta, ido zai ce an kama ɓarawo. To cire *-er* ɗin mu gani. Abin da ya rage shi ne *wat*, wanda ba ya nufin komai a nan. *Water* suna ce, ruwa, kuma *more water* na nufin ƙarin ruwa. Jimlar lafiya lau take. Wannan ya nuna mana cewa *more* aiki biyu take yi a Turanci: wani lokaci tana nufin "fi", wani lokaci tana nufin "ƙarin". Idan suna ne ke biye da ita, kamar *more paper* ko *more sugar*, maganar yawa ake yi, babu ruwan fifikon sifa.

Jimla ta huɗu, *much more better*, ita ce wadda aka fi ji a bakin mutane, kuma tana tabbatar da abin da na faɗa a kan ƙarfafawa. Sakatare ya riga ya samo kalmar da yake buƙata, wato *much*, sai dai kunne ya saba da jin *much more* a haɗe, kamar a *much more expensive*, har ya zama kamar ba sa rabuwa. A zare ta tsakiyar, a bar *much better*. Ta biyar kuwa, *more worse*, gwajin cire *-er* ba zai kama ta ba. Babu dabara a nan sai hadda. *Better*, *best*, *worse*, *worst*: waɗannan huɗu ba sa karɓar *more* ko *most* na fifiko a gabansu. Jimlar ta koma *becomes worse in August*, ko *even worse* idan hanyar da ma can ba ta da kyau, damina ce ta ƙara lalata ta.

Ta shida wani tarko ne irin na ruwa. *Honest* ta ƙare da *-est*, amma haka aka halicce ta, ba liƙa mata aka yi ba. Ma'anarta mai gaskiya, kuma *the most honest man* daidai ne. Tana da 'yan'uwa da ya kamata a sani: *modest* da *earnest* a ɓangaren *-est*, sai *bitter* da *eager* da *tender* a ɓangaren *-er*. Ka ga wanda ya haddace cewa *more* ba ta haɗuwa da kalma mai *-er* zai soke *more eager*, ya ɓata jimla mai kyau da hannunsa. Da *bitter* ma sai an ƙara hattara, domin in ka cire *-er* za ka ga kamar akwai wata kalma a ƙasa. Shi ya sa tambayar ma'ana ta fi gwajin haruffa ƙarfi. *Bitter* na nufin mai ɗaci, ba ta nufin "ya fi" komai.

Jimla ta bakwai ita ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin mai gyara ba zai iya yanke hukunci shi kaɗai ba. *We need more bigger pipes.* Idan ƙungiyar na nufin bututan da take da su sun yi ƙanana, tana son waɗanda suka fi su girma, to an ninka fifiko, gyaran kuma shi ne *We need bigger pipes*. Amma idan tana da manyan bututai guda biyar, tana son a ƙaro mata wasu irinsu, to *more* ɗin "ƙarin" take nufi, tana magana a kan yawan bututai, kuma nahawu bai karye ba. Waɗannan buƙatu biyu ne daban, kuɗinsu ma daban. Mai gyaran da ya soke *more* ba tare da ya tambayi sakatare ba zai iya canza abin da ƙungiya ta roƙa. Ko da ma'ana ta biyu ake nufi, shawarata ita ce a sake gina jimlar, domin jami'in da zai karanta zai ɗauka kuskure ne. A rubuta *more of the bigger pipes*, shi ke nan babu sauran shakka.

Cikin bakwai, ke nan, huɗu kuskure ne tabbas, biyu lafiyayyu ne, ɗaya kuma sai an tambaya.

Idan rubutun yana da tsawo, kamar kundin kammala digiri ko rahoton ofis, fensir ba zai isa ba. A manhajar Microsoft Word, a danna Ctrl+H, a buɗe maɓallin More, a zaɓi Use wildcards, sannan a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya a akwatin nema:

```
<[Mm]ore [a-z]@er>
<[Mm]ost [a-z]@est>
```

Layin farko yana nemo duk *more* da kalma mai ƙarewa da *-er* ke bi, na biyu kuma duk *most* da mai *-est* ke bi. An sa babban harafi da ƙarami a farko ne saboda irin wannan nema yana bambanta su. A riƙa danna Find Next ana duba kowane wuri da ido. Kada a kusanci Replace All, domin injin ba ya rarrabe *more cheaper* da *more water*, duka zai kawo su. Kuma zai wuce *more worse* da *most worst* bai gan su ba, sai a neme su daban da hannu, tare da *less* da *least*. Layin da manhaja ke ja a ƙarƙashin kalma yana taimakawa, amma ba a dogara da shi kaɗai.

Wani zai tambaya, tunda kowa na gane abin da ake nufi, wa ya ce kuskure ne? Tambaya ce mai kyau, kuma tarihi yana da amsa. Shekaru ɗari huɗu da suka wuce, manyan marubutan Ingila suna ninka fifiko ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Shakespeare ya yi haka a wasanninsa da dama. A cikin *Julius Caesar*, wanda aka fara nunawa wajen 1599, ya sa irin wannan ninki a bakin Mark Antony lokacin da yake nuna wa jama'a sukar da Brutus ya yi wa Kaisar. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James, ta 1611, ita ma tana da shi. Ben Jonson, a littafinsa na nahawun Turanci da aka buga a 1640 bayan rasuwarsa, yabon salon ya yi, yana ganin sa a matsayin ƙawata magana irin ta Girkawan dā. A ƙarni na 18 ne ra'ayi ya tsaya a ɗaya gefen. Robert Lowth, malamin coci wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya fitar da littafin nahawu a 1762 inda ya ce ninkin bai dace ba, littattafan makaranta da suka biyo baya kuma suka bi sahunsa. Har yau akwai karuruwan Turanci a Birtaniya da Amurka da ke riƙe da tsohon salon a magana. Kalmar *lesser* ma, wadda kowa ya yarda da ita, asalinta *less* ce da aka ƙara wa *-er*, ta tsallake shingen ta zauna.

Saboda haka bai kamata a yi wa mai faɗin *more better* dariya ko a ɗauke shi maras tunani ba. Amma daidaitaccen Turanci na rubutu ya rufe wannan ƙofa fiye da shekaru ɗari biyu, kuma da shi ake auna takardunmu. A jarrabawar WAEC, ana duba insha'in Turanci ta fuska huɗu: abin da aka faɗa, yadda aka tsara shi, yadda aka sarrafa harshe, da kuma tsabtar nahawu da rubutu. Kuskure irin wannan a ta ƙarshen yake cin maki, kuma yana cikin masu sauƙin kaucewa, domin minti biyu na bin *more* da *most* da ido kafin a miƙa takarda sun isa.

Saura wasu 'yan kalmomi da ke ɓoye fifikonsu fiye da *worse*. *Superior* da *inferior* daga Latin suka zo da fifikonsu a ciki, ma'anarsu wanda ya fi da wanda ya gaza. Da sakataren manoma ya rubuta *more superior than the petrol pump*, da ya yi kuskure biyu a wuri ɗaya, domin ba sa buƙatar *more*, kuma *to* ce ke bin su a madadin *than*. Daidai shi ne *superior to the petrol pump*. *Preferable* ma haka take, tunda ma'anarta wanda aka fi so. Sai kuma inda sifa biyu suka haɗu da *and*. *More reliable and cheaper* ba kuskure ba ne, domin *more* ta tsaya a kan *reliable* kawai, amma mai karatu na iya jan ta har kan *cheaper* ya yi tuntuɓe. A sa gajeruwar a gaba, a rubuta *cheaper and more reliable*, kowace sifa ta riƙe nata fifikon.